Caja na kuka, tana zafi, waya kuma ba ta hawa: yadda za ki gano mai laifi da mita

Yau za mu duba wani ƙaramin abu da kusan kowane ɗaki yake da shi, wato kan caja, wannan ɗan dunƙulen da ake sokawa a soket sannan a jona masa igiya.

An kawo wuta, kin yi sauri kin jona wayarki kin shiga kicin. Bayan awa guda kin dawo, batir na nan a 12 inda kika bar shi. Kin kai hannu ga kan cajar, kin ji ta da zafi kamar an sauke ta daga murhu, ga wani siririn kuka da take yi kamar na sauro. A nan ne mafi yawanmu muke fara canke. Wata ta ce batir ne ya mutu, wata ta ce bakin wayar ne, wata kuma ta ɗaure igiyar da kyauro ta ci gaba da lallaɓawa. Canken nan yana cin kuɗi, domin ana iya canza batir mai lafiya alhali caja ce ta gaza. Lallaɓawar kuma ta fi haɗari, domin cajar da take zafi ba ta aiki tana iya zama mafarin gobara.

Abin da nake so ki riƙe shi ne wannan: zafi wuta ce da aka ci. Idan caja ta yi zafi amma wayarki ba ta ƙaru ba, to wutar ta shiga, sai dai ba ta isa inda aka aike ta ba. Aikinki shi ne ki gano inda ta maƙale, ko a cikin kan cajar, ko a igiya, ko a bakin wayar.

Wadda ba ta bukatar gwaji

Kafin mu kai ga mita, akwai cajar da ta riga ta faɗa miki hukuncinta. Idan kin ji ƙauri ko warin ƙonannar roba, idan jikinta ya kumbura ko ya tsage, idan robar da ke gindin ƙarafunanta ta yi baƙi ko ta narke, idan tana ƙarar tartsatsi kamar ana soya gyaɗa, ko kuma idan wayar tana ɗan jan ki lokacin da kika taɓa ta tana caji, to kada ki gwada komai. Ki kashe soket, ki zare ta, ki fitar da ita daga gidan yadda yaro ba zai tsinto ta ya sake jonawa ba. Gwajin da za mu yi na cajar da jikinta lafiya ne, amma aikinta ya rikice.

Me ke sa ta kuka, me ke sa ta zafi?

Wutar da ke soket ɗinki tana da ƙarfin bolt 230 ko kusa da haka. Wayarki kuwa bolt 5 take bukata. Aikin kan caja shi ne ta sauko da wannan babbar wuta zuwa ƙarama. Yadda take yi shi ne, tana daddatsa wutar, ta kunna ta kashe sau dubbai masu yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, ta bi da ita ta wata 'yar taransifoma da ba ta fi kan yatsa girma ba. Wannan kunnawa da kashewa tana sa taransifomar ta riƙa karkarwa. Idan komai na tafiya daidai, saurin karkarwar ya wuce abin da kunnen mutum ke iya ji, domin kunnenmu ba ya kama sautin da ya haura kaɗawa 20,000 a daƙiƙa. Amma idan wani abu ya sa cajar ta rage sauri, sai sautin ya sauko inda kunne ke kama shi. Kukan ke nan. Yaranki ma sukan riga ki jin sa, domin kunnen yaro ya fi na babba kama siririn sauti.

Saboda haka ba kowane kuka ne ciwo ba. Caja da yawa sukan yi ɗan siririn sauti idan an bar su a soket ba waya, ko idan batir ya cika, saboda a lokacin suna rage aiki don kada su ɓata wuta. Irin wannan kukan yakan ɗauke da zarar kin jona wayar da ke jin yunwa, kuma cajar ba ta zafi. Kukan da ya kamata ya dame ki iri biyu ne. Na farko, wanda yake farawa ko yake ƙaruwa lokacin da kika jona waya. Na biyu, wanda yake yankewa yana dawowa, tsit, tsit, tsit, kamar agogo. Wannan na biyun yawanci yana nufin cajar ta ji an ja wutar da ta fi ƙarfinta, sai ta kashe kanta don kariya, ta sake gwadawa, ta sake kashewa. Idan kin dubi fuskar wayar a lokacin, sau da yawa za ki ga alamar caji tana zuwa tana ɗaukewa.

Zafi ma haka yake. Babu cajar da ke miƙa duk wutar da ta karɓa. Wadda ke ba waya wat 10 takan zubar da kamar wat 2 a matsayin ɗumi, shi ya sa kike jin ta da ɗumi idan tana caji da gaske. Wannan ba laifi ba ne, matuƙar kina iya riƙe ta a tafin hannu ba tare da kin saki ba. Amma cajar da ba ta ciyar da komai bai kamata ta yi zafi ba ko kaɗan.

Gwajin hannu, mataki uku

Wannan gwajin ba ya bukatar sayen komai, kuma shi kaɗai yakan warware rabin matsalar. Ki yi shi a kan siminti ko tayil, nesa da katifa da labule, kina tsaye a wurin.

Da farko ki bar cajar ta huce sarai. Ki zare igiyar, ki soka kan cajar shi kaɗai a soket na minti goma, sannan ki kashe soket ki taɓa. Idan ya yi zafi alhali ba abin da yake ciyarwa, ciwon na cikinsa. An gama magana.

Idan yana nan da sanyinsa, ki jona masa igiyar amma ba tare da waya ba, ki sake ba shi minti goma. Idan yanzu ya fara kuka ko zafi, igiyar ce. Siraran wayoyin da ke cikinta sun haɗe da juna, galibi a wuyanta inda take yawan lanƙwashewa, ko inda yaro mai fitar da haƙori ya tauna. Wutar tana fita ta dawo ba ta je ko'ina ba.

Idan har yanzu shiru, sai an jona waya sannan rikicin ke tashi, to saura mutum biyu a gaban alƙali: ko cajar ta raunana ba ta iya ɗaukar kaya, ko bakin wayar ne ke da matsala. Ki ari cajar maigida ko ta maƙwabciya wadda kika san tana aiki. Idan wayar ta hau da ita, wayarki lafiya. Idan ita ma ta kasa, ki kashe wayar, ki haska bakinta da tocila. Ƙurar hunturu da zaren aljihu sukan dunƙule a ciki su hana igiya zama. Ki sakace a hankali da tsinken sakace na itace, ban da allura ko fil, domin ƙarfe yana haɗa wuta. Idan kin ga tsatsa ko kore-kore, ruwa ya taɓa shiga, wannan kuma aikin mai gyara ne.

Shirya mita

Mitar da ake nufi ita ce wadda kike gani a teburin masu gyaran waya da rediyo, mai ɗan gilashi da lambobi ke fitowa, da maɓallin murɗawa a tsakiya, da tsinke biyu, ja da baƙi. Ana kiran ta maltimita. Ana samun ta a shagunan kayan lantarki, kuma ƙaramar ciki ta isa wannan aikin. Idan akwai ɗalibin kimiyya ko mai haɗa sola a gidanku, wataƙila ma tana nan.

Ki soka baƙin tsinke a ramin da aka rubuta COM. Ki soka jan a ramin da ke da harafin V, wanda a ƙananan mitoci ake rubuta VΩmA. Akwai rami na uku mai rubutun 10A. Kada jan tsinke ya shiga wannan, domin ta nan mitar takan zama kamar guntun ƙarfe, ta haɗe wutar cajar kai tsaye.

Sai ki murɗa maɓallin zuwa ɓangaren da aka rubuta DCV, ko harafin V mai miƙaƙƙen layi da ɗigo-ɗigo a ƙarƙashinsa, ki tsaya a kan 20. Ma'anarsa mitar za ta auna har zuwa bolt 20. Akwai wani V ɗin mai lanƙwasasshen layi kamar tafiyar maciji, wannan na wutar soket ne, ba ruwanki da shi.

Kafin ki yarda da mitar, ki gwada ta da sabon batirin rimot. Jan tsinke a kan ɗan tudun batirin, baƙi a gindinsa. Za ki ga 1.5 ko ɗan sama da haka. Idan alamar ragi ta fito a gaban lambar, tsinkayen ne kika juya, ba abin da ya lalace.

Yanzu ki juya cajar ki karanta ƙananan rubutun jikinta. Idan sun yi miki ƙanana, ki ɗauki hoto ki buɗa shi. Ki nemi layin da ya fara da OUTPUT. Za ki ga wani abu kamar 5V 2A. Lambar farko ita ce ƙarfin turawar wutar, kamar ƙarfin da ruwa ke bugowa da shi a famfo. Ta biyu, wato amfiya 2, ita ce iyakar yawan wutar da cajar za ta iya zubowa, kamar faɗin bakin famfon. Wannan rubutu alkawari ne da cajar ta ɗauka. Mita za ta gaya miki ko tana cikawa.

Igiyar gwaji

Kada ki cusa tsinken mita a cikin ramin cajar. Ramin USB mai faɗi yana da 'yan ƙarafa huɗu a jere, biyun gefe su ne na wuta, biyun tsakiya na saƙo, kuma duk an kewaye su da gwangwani. Wurin ya yi matsi, hannu na ɗan gocewa tsinken zai haɗa wuta da gwangwanin.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki sadaukar da wata tsohuwar igiya wadda kika tabbatar tana caji. Ba tare da an jona ta ko'ina ba, ki sa reza ki fere robar waje kamar tsawon yatsa, kusa da ɓangaren da ke shiga caja. Idan akwai takardar azurfa ko saƙar ƙarfe a ciki, ki yanke ta ki cire. Za ki tarar da siraran wayoyi, yawanci ja, baƙi, fari da kore. Fari da kore ki ƙyale su. Ki ɗan kankare rigar jan a wuri ɗaya har jan ƙarfen ciki ya bayyana, ki kankare ta baƙin a wani wurin daban, nesa da na farkon, yadda ko igiyar ta murɗe ba za su taɓa juna ba. Kada ki tsinka su.

Ki ɗora bakin jan tsinke a kan jan, ki naɗe da salatif. Ki yi wa baƙin haka. Amfanin naɗewar shi ne, lokacin da wuta ta shiga ba sai hannunki na kan komai ba. Bolt 5 ba ya jan mutum, amma cajar da ake tuhuma ba a ba ta amana. Hannunki ya zama a bushe, da takalmin roba a ƙafarki, yara kuma su ba ki wuri.

Awo na farko: ba kaya

Ki jona igiyar gwajin a caja, ɗaya bakin ki bar shi haka nan ba waya. Ki kunna soket, ki dubi mita.

Ƙa'idar USB ita ce bolt 5, da ɗan sassauci sama ko ƙasa. Duk abin da ya faɗa tsakanin 4.75 da 5.25 daidai ne. Wasu cajojin an rubuta musu 5.2 ko 5.3 a jiki, su kuma a nan za ki same su. Idan kin ga sifili, cajar ta mutu. Idan kin ga 2 ko 3, ko lambar tana tsalle, ta hau 4 ta faɗo 1 ta sake hawa, ta lalace. Idan kuma kin ga 6 ko 7 ko fiye, wannan ta fi matacciya sharri, domin ɓangaren da ke riƙe mata linzami ya saki, kuma tana iya ƙona wayar da aka jona mata. Kada ki sake haɗa ta da komai.

To idan kin ga 5.1 fa, zaune daram? A nan ne mutane da yawa suke rufe mita su ce caja lafiya, su tafi canza batir. Kada ki yi saurin sallamar ta. Mita kusan ba ta jan wuta ko kaɗan. Abin da kika auna kamar ƙarfin ruwa ne a famfon da ke rufe. Ba a sanin gaskiyar famfo sai an buɗe shi an tara bokiti.

Awo na biyu: da kaya

Ba tare da kin cire tsinkayen ba, ki jona wani abu mai jan wuta a ɗaya bakin igiyar. Ya fi kyau ki sa abin da ba za ki yi kuka ba idan ya samu matsala, kamar tsohuwar waya da batirinta ya yi ƙasa, ko fawa bank da ya kusa ƙarewa. Idonki na kan mita lokacin da kike jonawa.

Caja mai lafiya za ta ɗan motsa kaɗan, daga 5.1 ta koma 5.0 ko 4.9, ta tsaya a nan. Wadda ta gaji za ta zube ƙasa da 4.5, ko ta riƙa hawa da sauka tare da kukan nan. Ki bar ta minti biyar kina kallo, domin wata takan fara da kyau, sai ta ɗumama sannan ta saki.

Mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ce caja ce mai rubutun 5V 2A, ta shekara biyu tana aiki, kwanan nan ta fara kuka, waya kuma tana kwana a jone ba ta cika. An soka ta ita kaɗai, ba zafi. An sa mata igiya, shiru. An auna ba kaya, mita ta nuna 5.12. An jona tsohuwar waya, nan take kukan ya tashi, lambar ta faɗo 3.9, ta hau 4.6, ta sake faɗowa, bayan minti biyar jikin cajar ya ɗau zafi. Aka zare ta, aka sa cajar aro a wannan igiyar da wannan wayar, mita ta zauna a 5.0 ba motsi. Igiya ɗaya, waya ɗaya, abin da ya canza kawai shi ne kan caja. Mai laifi ya fito, kuma batir da bakin waya sun kuɓuta.

Me ya same ta? A mafi yawan irin wannan, wasu 'yan gwangwanaye ne a cikinta da ake kira kafasita. Aikinsu su tara wuta su riƙa sakin ta a daidaice, kamar tankin da ke sa ruwa ya zubo ba yankewa. Akwai ɗan ruwan sinadari a cikinsu, kuma zafi yana busar da shi a hankali. Masu wannan sana'a suna da ƙiyasin cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin rayuwar irin wannan kafasita. Ki tuna yadda ɗaki yake a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, lokacin da zafin waje ke haura digiri 40, sannan a ce cajar tana ƙarƙashin filo ko a bayan katifa inda iska ba ta kai mata. Idan kafasitar ta bushe, cajar tana iya nuna bolt 5 muddin ba a tambaye ta komai ba, amma da an ja wuta sai ta durƙushe, sauran kayan cikinta su yi ta wahala suna zafi.

Akwai kuma lokacin da awon zai faɗi alhali cajar ba ta lalace ba, ƙarama ce kawai. Idan kika ɗauki cajar ƙaramar waya mai rubutun 1A ko ƙasa da haka, kika jona wa tablet ɗin yara ko babban fawa bank, an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Za ta yi zafi, ta yi kuka, cajin kuma ya ƙi tafiya, musamman idan yaro na kallo a lokacin. Maganin wannan shi ne caja mai amfiya da ta kai abin da na'urar ke nema. Mai amfiya da yawa ba ta cutar da ƙaramar waya, domin waya tana jan iya bukatarta ne kawai. Bolt ne dole ya dace.

Idan kuma cajarki ta ci duka awo biyun, amma da kin mayar da igiyarki ta kullum sai caji ya ƙi, ki tuhumi igiyar ko da ba ta haɗe ba. Igiya mai siraran wayoyi ko wadda ta fara tsinkewa a ciki tana shanye ƙarfin wuta a hanya. Ana iya tura bolt 5 daga caja, abin da zai isa waya bai fi 4 ba.

Tarkon sababbin cajoji

Duk bayanin da ya gabata na caja mai faffaɗan rami ne. Sababbin cajoji masu ƙaramin rami mai zagayayyen gefe, wanda ake kira USB-C, halinsu daban. Irin wannan ba ta sakin wuta sai ta ji an jona mata na'ura. Idan kika auna ta ba waya, sifili za ki gani, kuma lafiyarta ƙalau. Kada ki yar da caja mai tsada saboda wannan. Haka kuma masu saurin caji, waɗanda za ki ga an jera musu 5V da 9V ko 12V a jiki, sukan fara da 5, sai sun daidaita da wayar sannan su hau. Idan kin ga 9 bayan an jona wayar da ke karɓar saurin caji, kuma 9V na rubuce a jikin cajar, ba matsala ba ce.

Igiyar irin waɗannan tana da wayoyi fiye da huɗu, ba a fere ta. Abin da ya dace da su shi ne wata 'yar mitar USB mai kama da filash, wadda ake sawa tsakanin caja da igiya, ta nuna bolt da amfiya lokaci guda. Masu gyara da yawa a kasuwannin waya, irin su Farm Centre a Kano, suna da ita a tebur. Idan ferar igiya ta yi miki wuya, ki ba da cajar da igiyar da wayar gaba ɗaya a kai, ki ce a auna miki da waya a jone, a faɗa miki bolt nawa da amfiya nawa. Wannan tambayar kaɗai ta isa ta hana a ce miki batir ne tun ba a duba ba.

Abin da mita ba za ta faɗa miki ba

A cikin kowace caja akwai katanga tsakanin ɓangaren bolt 230 da ɓangaren bolt 5 da ke zuwa hannunki. A caja ta ƙwarai an bar tazara da rufi mai kyau a tsakaninsu. A ta jabu, don a rage kuɗi, katangar takan zama siririya ƙwarai. Irin wannan tana iya nuna miki 5.0 cif a mita, amma ranar da katangar ta fashe, wutar soket ce za ta bi igiya ta shiga waya. Awon da muka yi ba ya ganin wannan. Shi ya sa na ce cajar da ta taɓa jan ki ba ta da sauran shari'a, kuma shi ya sa bai kamata yaro ya riƙe waya tana caji ba, balle da jiƙaƙƙen hannu. Kan igiyar da ke jone kuma kada ya kwana inda mai rarrafe zai kai shi baki.

Kada kuma ki fasa caja don ki ga cikinta, ko ki bar yaro mai son kwance-kwance ya yi. Babbar kafasitar da ke ɓangaren soket tana tara sama da bolt 300, kuma tana iya riƙe shi na ɗan lokaci bayan an zare. Kan cajar waya an manne shi ne don kada a buɗe. Wanda aka fasa aka ɗaure da salatif ya rasa kariyarsa ko da ya dawo aiki.

Idan za ki sayi wata, ki ɗauki wayarki ki tafi da ita. Ki duba OUTPUT ya kai abin da tsohuwar cajar asali take bayarwa. Ki jinjina ta a hannu, domin wadda ta yi sakayau kamar ba komai a ciki abin zargi ce, ko da yake nauyi kaɗai ba shaida ba ne. Ki dubi rubutun jikinta, ko ya fito tsaf ko ya dusashe da kurakurai. Sannan ki ce a jona a gabanki na 'yan mintuna, ki saurara, ki taɓa. Araha ba ta ado, balle a abin da zai kwana a jone kusa da gadon yaranki.

Idan kin kawo ta gida, ki ba ta wuri mai iska a kan tebur ko ƙasa. Ki riƙa zare ta idan an ɗauke wuta, ki jira wutar ta zauna bayan an dawo da ita ko an tayar da janareta, domin bugun farkon nan yana raunana kayan cikinta. Soket ɗin da ya saki, wanda sai an tokare caja da wani abu take kamawa, shi ma yana haifar da zafi da tartsatsi a ƙarafunan, a kira mai gyaran wuta ya canza shi.

Wadda ta gwada nata, ta rubuto mana lambobi biyun da ta gani, na ba kaya da na da kaya, tare da abin da aka rubuta a jikin cajar, sai mu duba tare. Allah ya tsare mu da iyalanmu daga gobara. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.